Yadda dillali zai jera hotunan gida a Instagram

Tambaya: Ni dillali ne a Kano. Ina da gida mai ɗaki uku a Rijiyar Zaki, na ɗauki hotuna kusan talatin. Wanne zan fara sawa a jeren hotunan da ake ja da yatsa, kuma ina zan sa farashi da lambata?

Amsa: Malam, Instagram na karɓar hoto 20 a jere ɗaya, amma goma sha ɗaya sun ishe ka. Ka yanka su duka a tsaye, 1080 x 1350, domin siffar hoton farko ita sauran ke bi. Idan ka cakuɗa na tsaye da na kwance, sai ka tarar an datse rabin falo.

Hoton farko shi ne mai tsayar da yatsa. Yawancin gidajenmu katanga da get kawai ake gani daga waje, don haka ka shiga harabar gidan ka ɗauko fuskar ginin da hantsi, rana tana bayanka. A kansa layi biyu sun wadatar: "Ɗaki 3, Rijiyar Zaki", sai farashi. Rubutun ya zauna a tsakiya, saboda shafinka yana yanke gefen hoto. A ganina ɓoye farashi asara ce, masu tambayar "nawa?" kaɗai yake tara maka.

Na biyu yana buƙatar kulawa ta musamman, don wanda ya wuce bai ja ba, sau da yawa Instagram na sake nuna masa jeren daga hoto na biyu. To ya zama mai tsayawa da kansa. Nan za ka sa bayanan da mai saye ke yanke shawara da su: girman fili (misali ƙafa 50 x 100), yawan banɗaki, ruwan burtsatse ne ko na famfo, akwai mita ko babu, sai takarda. Ka faɗi ainihin irinta, satifiket ɗin mallaka na gwamnati ne ko takardar ciniki ta mai unguwa. "Takardu sun cika" ba ya gamsar da wanda ya san harkar. Kada ka ɗora hoton takardar kanta, 'yan damfara na kwafe lambarta.

Daga nan ka bi gidan kamar kana zagayawa da baƙo: falo, kicin, babban ɗaki, banɗakinsa, sauran ɗakuna, bayan ginin da tanki. Ɗaki ɗaya hoto ɗaya, daga kusurwa, waya a daidai ƙirji, labule a buɗe. Ka guji saita kyamarar waya a 0.5x, yana faɗaɗa ɗaki fiye da gaskiya, mai saye ya zo ya ga an ruɗe shi. Ka sa hoton layin ma, ko da ba kwalta.

Na ƙarshe: sunanka, lamba ɗaya da manyan baƙaƙe, lokacin ganin gida, da la'adarka. Ba a iya latsa lambar da ke kan hoto, saboda haka ka maimaita ta a rubutun ƙasa, ka kuma sa mahaɗin WhatsApp a bayanin shafinka: wa.me/234 sai lambarka ba tare da sifilin farko ba.