Gabatarwa da kammalawa a amsar jarrabawa

"Malam, a takardun ɗalibai da ka ba ni in duba, kusan kowa ya buɗe da kwafe tambayar, ya rufe da 'a taƙaice mun ga cewa'. Na rubuta musu 'kada ka maimaita tambaya', sai suka ce to me za su rubuta? Ni ma na rasa abin da zan ce musu. Yaya ake yi?"

Ɗana, yaran sun yi gaskiya da suka tambaye ka. Hani kawai ka ba su, ba ka ba su abin yi ba. Abin da za ka gaya musu shi ne, sakin layi na farko wurin ba da amsa ne. Duk amsar, a dunƙule, kafin a kawo hujja ko ɗaya. Yaro yana kwafe tambaya ne saboda bai riga ya yanke shawarar abin da zai ce ba, yana fatan amsar za ta zo masa yana cikin rubutu. Saboda haka gyaran yana farawa tun kafin alƙalami ya taɓa takarda.

Ɗauki tambayar tarihin nan da muke ba 'yan ajin ƙarshe: "Fifikon makamai ne kaɗai ya sa Turawan Ingila suka ci Daular Sakkwato a 1903. Tattauna." Ga irin buɗewar da ka tarar, na san ta tun ban gani ba: "Daular Sakkwato babbar daula ce da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa. A wannan rubutu zan tattauna ko fifikon makamai ne kaɗai ya sa Turawa suka ci ta." Babu ƙarya a ciki. Amma mai duba takarda ya karanta jimla biyu bai san inda yaron ya dosa ba, kuma shi ma yana da tambayar a gabansa, ba ya bukatar a karanta masa ita.

Ka sa su ja layi a ƙarƙashin kalmar da rigimar take a kanta. A nan ita ce "kaɗai". Ba wanda yake musun cewa Turawa suna da bindiga mai ruwa da igwa, mayaƙan daula kuwa galibinsu doki da mashi da kwari da baka. Abin da ake tambaya shi ne ko wannan ya isa ya bayyana komai. Sai yaro ya amsa da bakinsa, kamar kai ka tare shi a ƙofar aji: i, ko a'a, ko i amma. In ya iya faɗa da baki a jimla ɗaya, ya sami jimlarsa ta farko. Ga yadda za ta iya fita:

"Makamai ne babban dalili, amma ba su kaɗai ba ne. Bindiga mai ruwa da igwa su suka raba gardama a fagen fama, sai dai Turawa sun sami damar amfani da su ne domin masarautun ba su haɗa rundunoninsu wuri ɗaya ba, aka bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma manyan biranen biyu, Kano da Sakkwato, suna cikin halin rauni a cikin gida lokacin da yaƙin ya iso."

Duba abin da ya faru. Jimlar farko ta ɗauki matsayi, matsayin da wani zai iya tashi ya ce bai yarda ba. Ta biyu ta jera dalilai uku a bisa tsarin da za su zo a cikin rubutun: makamai, rashin haɗa kai, raunin cikin gida. Yanzu yaron ya ɗaure kansa. Sakin layi na gaba dole ya nuna yadda igwa ta fasa hanyar shiga Kano a Fabrairun 1903, da yadda ruwan harsashi ya hana dawaki isa ga sahun Turawa a bakin Sakkwato ranar 15 ga Maris. Na bayansa ya bi jerin: Bida da Ilori a 1897, Yola a 1901, Bauchi a 1902, kowace ita kaɗai. Na uku ya kawo basasar Kano da ta ɓarke a 1893, da rasuwar Sarkin Musulmi Abdurrahman a ƙarshen 1902, wadda ta sa Attahiru ya hau gado watanni kaɗan kafin yaƙi ya ƙwanƙwasa ƙofa. Tarihin kafuwar daula a 1804 ba shi da wurin zama a wannan gabatarwa. Yara suna son sa domin sun haddace shi, amma tambayar ba ta nema ba.

Wasu za su ce maka in an ba da amsa tun farko, me ya rage a faɗa a ƙarshe? Nan ne aikin ya fi wuya, kuma nan ne na fi so ka daɗe da su. Kammalawa tana komawa ga amsar farko, amma da abin da hujjojin suka ƙara mata. A farko yaron ya ce dalilai uku ne. A ƙarshe, bayan ya baje su, ya kamata ya iya cewa wanne ya fi nauyi, da yadda suke jingine da juna, da inda maganarsa ta tsaya. Misali:

"Da masarautun sun haɗa ƙarfi, da yaƙin ya daɗe kuma ya ci wa Turawa rai da dukiya, kamar yadda Burmi, garin da Attahiru ya yi yaƙinsa na ƙarshe, ta nuna, inda aka kora harinsu na farko a watan Mayu kafin su dawo su ci garin a Yulin 1903. Amma Burmin ma ta faɗi da aka kawo ƙarin sojoji da igwa. Don haka rarrabuwa da raunin cikin gida su suka sa cin daular ya zo da sauri da sauƙi, makamai kuwa su suka sa aka ci ta."

Wannan hukunci ne da babu shi a gabatarwa: ya raba tsakanin abin da ya kawo faɗuwar da abin da ya gaggauta ta. Sai dai ka lura da sharaɗi ɗaya. Burmi dole ta riga ta fito a tsakiyar rubutun. In a kammalawa aka fara jin sunanta, to yaron ya buɗe sabuwar hujja a lokacin da ba shi da sararin kare ta, kuma wannan kuskure ne da za ka riƙa gani a takardun yara masu ƙoƙari, waɗanda suka tuna wani abu a minti na ƙarshe. Ka ce su sa alama su mayar da shi sakin layin da ya dace.

Ga yadda nake gwada takarda da sauri. Ina rufe tsakiyar da tafin hannu, in karanta sakin layi na farko in tambayi kaina: na san amsar yaron nan? Sannan in karanta na ƙarshe in tambaya: zai iya rubuta wannan tun kafin ya rubuta tsakiyar? In amsar farko a'a ce, gabatarwa ta gaza. In ta biyu i ce, maimaici kawai ya yi, ko da ya sauya kalmomi.

Kada ka tilasta musu wannan siffar a kowace tambaya. In an ce "kawo dalilai biyar", ba a nemi hukunci ba, jimla ɗaya da ta ambaci dalilan ta isa buɗewa, kuma doguwar kammalawa ɓata lokaci ce. Inda aka ce "tattauna", "kwatanta", ko "yaya ka yarda da wannan magana", nan ne ake bin yaro bashin matsayi.

Gobe kada ka ba su cikakken rubutu. Ka rubuta tambayoyi uku a allo, kowa ya rubuta jimlar farko kawai ta kowace ɗaya, a karanta a fili. Duk jimlar da ba wanda zai iya cewa "ban yarda ba" a ajin, a mayar wa mai ita ya sake.