Tabilet huɗu da ɗalibai 64, yadda nake yi a ajina

"Malamai don Allah ku taimaka min. Ina koyar da kemistiri a aji huɗu na sakandare, ɗalibaina sun kai 70, tabilet biyar kacal makaranta ke da su kuma babu intanet mai ƙarfi. Wane irin wasan koyo zan iya yi da su ba tare da aji ya hargitse ba?"

Wayyo Malama, wallahi ina karantawa sai na ji kamar ni ce na rubuta shekara uku da suka wuce. Ni ma kemistiri nake koyarwa, tabilet ɗina ma huɗu ne, yara 64, kuma sai da na sha wuya sosai kafin na gano bakin zaren.

Abu na farko dai don Allah kar ki fara da Kahoot, wasan tambayoyin nan na intanet. Na san kowa shi zai ce miki, ni ma shi aka nuna mana a wajen bita na dawo da zumuɗi. Shi yana buƙatar intanet tun daga farko har ƙarshe, kuma yana ƙara maki ga wanda ya fi saurin dannawa, to ki duba fa, yara 16 a kan tabilet ɗaya an ce musu sauri shi ne maki. Ranar da na gwada kuma ita ce ranar da masu duba makarantu suka zo, mataimakin firinsifal ɗinmu da kansa ya ce min in yi darasin da zai burge baƙi tunda kayan suna kulle a sito wata da watanni. Na sayi data da kuɗina na kunna Hotspot a wayata, biyu suka shiga biyu suka tsaya suna ta juyawa, yara sai ihu suke Malama namu bai kama ba. A tambaya ta uku wani yaro ya fizgi tabilet daga hannun wata yarinya don ya riga dannawa, ta suɓuce ta faɗi a kan siminti, sikirin ya tsage daga wannan kusurwa zuwa waccan. Har yau ina jin ƙarar nan a kunnena. Yarinyar ta fashe da kuka ta ɗauka ita za a kora, baƙi suna tsaye a bakin ƙofa suna kallo.

Abin da ya fi ci min rai ba fashewar ba ce, mutumin nan da ya tura ni shi ne ya tsaya a gaban baƙi da ɗalibaina ya ce ai dama ya sha gaya min in daina wasa da kayan gwamnati. Wallahi bai taɓa gaya min ba, ko sau ɗaya. Washegari ga takardar tuhuma a kan teburina, kuɗin gyaran sikirin daga aljihuna ya fito a watan da nake fama da kuɗin makarantar 'ya'yana, sannan aka mayar da sauran ukun sito aka kulle har ƙarshen zango. Ko a ɗakin malamai in na shigo sai a yi shiru. Na daɗe ba na iya gaishe shi da zuciya ɗaya, har yanzu ma in na tuna sai raina ya sosu, don laifina guda shi ne na yi abin da ya sa ni. Shi ya sa nake ce miki duk ranar da za ki karɓi kayan nan ki sa a rubuta a littafin sito, guda nawa, a wane hali suke, ki sa hannu mai sito ya sa hannu, haka ma in kin dawo da su.

Da aka sake ba ni su sai na koma PhET, shafin wasannin koyon kimiyya na jami'ar Colorado da ke Amurka, kyauta ne kuma ba ya neman intanet in kin riga kin sauke. Ki nemi wanda ake kira Balancing Chemical Equations a shafinsu, ki danna alamar saukewa, fayil ɗaya ne ƙarami mai ƙarewa da .html. Ki sauke sau ɗaya a wayarki a gida, ki tura wa sauran ta Xender ko Bluetooth, ki buɗe da Chrome. Ki gwada kowace tabilet a Airplane mode tun kafin ranar, kar ki bari sai a gaban yara. A ciki akwai ɓangaren Intro da na Game. Shi Game mataki uku ne, kowane mataki tambaya biyar, in rukuni ya samu a gwajin farko maki 2, a na biyu maki 1, jimla 10. Akwai agogo a ciki, ni kashe shi nake yi, tunda sauri ne ya jawo min waccan masifar.

Rabon yaran kuwa, rukuni 16 nake yi na mutum huɗu huɗu, don na lura in sun wuce biyar na gefe ba sa ganin komai sai su koma hira. Ke da naki biyar ɗin rukuni 14 na mutum biyar zai yi miki, zagaye uku kin gama da kowa. Ranar da nake da darasi biyu a jere nake yi, minti 80, goma na farko bayani, sai zagaye huɗu na minti 15, goman ƙarshe mu tattara. Kuma yara ba sa tashi daga bencinsu, tabilet ce ke zagayawa, ni da hannuna nake ɗauka daga wannan benci in ajiye a wancan. A kwance take zama a tsakiyar tebur, ba a ɗaga ta sama, wanda ya ɗaga rukuninsu ya rasa maki biyu. Tun da na kafa wannan dokar ba a sake fasa min ko ɗaya ba Alhamdulillahi.

A cikin huɗun nan kowa da aikinsa. Ɗaya ne kaɗai yake taɓa sikirin, ɗaya yana ƙirga atom ɗin hagu, ɗaya na dama, na huɗu yana rubutawa a takarda, in an gama tambaya sai a juya aiki. Babbar dokar ita ce ba a danna Check sai amsa ta hau takarda tukuna tare da ƙirgen. Bari in ba ki misali da ƙonewar iskar CH₄, wadda take cikin Intro kuma da ita nake buɗe darasi:

CH₄ + O₂ → CO₂ + H₂O

Mai hagu zai ce C ɗaya, H huɗu, O biyu. Mai dama ya ce C ɗaya, H biyu, O uku. C ya yi daidai a bar shi. H bai kai ba a dama, sai a sa 2 a gaban H₂O ya zama huɗu. To nan ne yawancinsu suke tsayawa suna murna, sun manta wannan 2 ɗin ta ƙara O, yanzu dama O huɗu ne, biyu daga CO₂ biyu daga ruwa, hagu kuma har yanzu biyu. Sai an sa 2 a gaban O₂ sannan a samu:

CH₄ + 2O₂ → CO₂ + 2H₂O

Kin san ciwon da muke sha a jarrabawa, yaro ya ga H bai kai ba sai ya rubuta H₄O ya canza ruwa ya koma wani abu da babu shi. Shekara da shekaru ina faɗa a allo ba ya zama. A wasan nan babu yadda za a yi ka taɓa ƙaramar lambar ƙasa, ta gaba kawai ke motsi, kuma in ka ƙara ta sai ka ga wani H₂O ɗin cikakke ya bayyana a akwatin. Wata ɗalibata mai shiru-shiru da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta kalle ni ta ce Malama ashe yawan ruwan ake ƙarawa ba irinsa ake canzawa ba. Ranar sai da na ji ƙwalla ta taru min. Haka kuma in sun ninka lambobin duka, misali 2, 4, 2, 4, wasan zai nuna musu cewa ya daidaita amma ba a rage shi ba, wannan ma darasi ne da kansa.

Ki sa ido a kan abu ɗaya, akwai rukunin da za su yi ta danna kibiya sama da ƙasa har su dace, musamman a Intro inda fuska mai murmushi take fitowa da zarar an daidaita. Yadda za ki gane su, maki ya yi kyau amma takarda babu ƙirge, ko ki nuna mai rubutu ki ce me ya sa kuka sa 3 a nan ya kalli mai dannawa. Don haka ni makin takarda nake ɗauka, na sikirin ba ya shiga littafina. Sannan ki kula da 'yan mata in ajinki haɗe ne, in ba ki tilasta juya aiki ba maza ne za su riƙe dannawa har a tashi.

Su kuma rukuni 12 da ba su da tabilet a lokacin, nan ne aji yake hargitsewa in kin bar su haka. Marafen kwalbar lemo nake amfani da su, na sa yara suka tara min har jaka biyu, ja O, fari H, baƙi C, shuɗi N. Kowane rukuni da kwali an ja layi a tsakiya, su jera atom hagu da dama har su yi daidai, misali N₂ + 3H₂ → 2NH₃, marfi takwas nan takwas can. Waɗanda suka riga suka yi na tabilet kuma sai su rubuta amsa mai kuskure da gangan su miƙa wa bencin baya su nemo inda kuskuren yake, wannan suna sonsa ƙwarai, har gardama suke yi ta gaske a kan ƙirge.

Caji kuma wata damuwar ce, tamu makarantar sai a yi kwana uku ba wuta. Ki sa a yi cajin tun jiya, ki rage hasken sikirin, ki bar su a Airplane mode, zai kai ki minti 80 lafiya in batirin bai mutu ba. Ki kunna App pinning, wasu wayoyin Screen pinning suke rubutawa, yana cikin Settings wajen Security, yana hana yaro fita daga wasan ya tafi kyamara. Kafin na san shi hotunan fuskoki kusan arba'in na tarar a tabilet ɗaya.

Na gwada Plickers ma don tambayoyin ƙarshen darasi, shi wayarki ce kawai ake buƙata, yara su ɗaga kati ki haska da kyamara. Amma katinsa 63 ne iyaka, ni yaro ɗaya ya rage min ke kuwa bakwai, kuma yana son data, ga bencin baya ba ya kamawa in ajin da duhu. Na bar shi, na koma takarda.

Don Allah ranar farko kar ki gayyaci kowa kallo, ko firinsifal ne ki ce a ba ki mako biyu. Ki fara da mataki na ɗaya kawai, na uku yana da wuya sai sun saba. In fayil ɗin ya ƙi buɗewa a wata tabilet yawanci Chrome ɗinta ne ya tsufa, ki sabunta shi a inda akwai sabis mai kyau ki sake gwadawa. Allah ya dafa miki 'yar uwa, ki dawo ki gaya mana yadda aka yi.