Yadda Ake Yanka Wa Sabon Aiki Farashi: Kuɗin Kashewa, Farashin Abokan Gasa, da Amfanin Mai Saye

Tambaya: Ni mai gyaran manyan firji ne, kuma ina so in fara wani sabon tsari: in riƙa zuwa duba firjin 'yan kasuwa kowane wata kafin su lalace, suna biyana kuɗin wata. An ce in lissafa abin da nake kashewa in ɗora riba, wani ya ce in bi farashin da wasu ke karɓa, wani kuma ya ce in duba amfanin da mai kaya zai samu. Wacce zan bi?

Amsa: Malam, duka ukun za ka yi amfani da su, domin kowacce tambaya daban take amsawa. Lissafin kuɗin kashewa yana nuna maka farashin da ba za ka iya sauka ƙasa da shi ba, lissafin amfani yana nuna iyakar da mai saye ba zai haura ba, farashin abokan gasa kuma shi ne ma'aunin da mai saye ke riƙe da shi a ransa tun kafin ka buɗe baki. Zan bi da kai ta misali guda, kuma lambobin da ke ciki na kwatance ne, sai ka musanya su da naka, ko da wane irin kuɗi kake ciniki.

Mu fara da kuɗin kashewa, domin a nan masu sayar da aikin hannu suka fi yin asara ba tare da sun ankara ba. Mai sayar da haja yana da takardar sari da ke tuna masa nawa ya biya, amma kai lokacinka kake sayarwa, kuma lokaci ba ya zuwa da rasit. A ce albashin da ya kamata ka biya kanka 300,000 ne a wata, sannan haya, waya, haraji da tanadin sake kayan aiki idan sun tsufa suna cin 100,000. Jimillar 400,000 ke nan da za ta fita ko ka samu aiki ko ba ka samu ba. Idan kana aiki awa 160 a wata, abin da zai fara zo maka shi ne ka raba 400,000 da 160, ka ce awa ɗaya tana tsaya maka a kan 2,500. Wannan lissafin bai yi daidai ba, saboda cikin awannin nan akwai na tafiya, na neman sababbin masu hulɗa, na sayo kayan gyara da na bin bashi, kuma babu mai biyanka su. Idan awa 100 ne kaɗai kake iya sayarwa, to ainihin tsadar awarka 4,000 ce.

Yanzu a ce kowane mai hulɗa yana cin awa 4 a wata, wato 16,000, ga kuɗin mota da ƙananan kayan da ake canzawa na 4,000. Hidimar mutum ɗaya ta tsaya maka a kan 20,000. Idan ka ɗora kashi 25 cikin 100, farashi ya zama 25,000. Sai dai ka lura cewa ribar 5,000 ɗin nan kashi 20 ce kawai na kuɗin da aka biya ka, domin abin da aka ɗora a kan kuɗin kashewa daban yake da kason riba a cikin farashi. Wanda ke son kashi 25 na farashi ya zama riba, sai ya raba 20,000 da 0.75, wanda zai ba shi kusan 26,700.

Kyawun wannan hanya shi ne sauƙi da kuma kariya daga faɗuwa. Rauninta guda biyu ne. Na farko, ba ta san da zaman mai saye ba, don haka tana iya sa ka karɓi kaɗan daga wanda zai biya da yawa da farin ciki. Na biyu ya fi shafar sabon aiki irin naka: tsadar awa ta dogara da yawan awannin da ka sayar, yawan awannin kuma ya dogara da farashin da ka sa. A watannin farko, idan awa 50 kawai ka sayar, lissafi zai ce awarka 8,000 ce, kuma idan ka bi shi ka ninka farashi, sai ka kori 'yan kaɗan ɗin da ka samu, tsadar ta sake hawa. Saboda haka ka yi lissafi da yawan aikin da kake sa ran samu idan tsarin ya zauna, sannan ka ɗauki giɓin watannin farko a matsayin jarin da dole ka tanada. A misalinmu, kowane mai hulɗa yana barin maka 21,000 bayan cire 4,000 na mota da kaya, don haka sai ka tara mutum 20 kafin ka rufe 400,000, alhali iyakar abin da awa 100 za ta ɗauka mutum 25 ne.

Batun abokan gasa ba ya buƙatar dogon bayani, illa gargaɗi ɗaya: kada ka kwatanta lamba da lamba sai ka san abin da ke cikin kowace. Wanda ke karɓar 18,000 a wata wataƙila leƙawa kawai yake yi, duk wani gyara kuma a sake biyansa, wani kuma bai taɓa lissafa albashin kansa ba, yana cin uwar kuɗi yana tsammanin riba ce. Idan ka kwafi farashinsa, ka kwafo har da kuskurensa. Haka kuma, tunda tsarinka sabo ne, babban abokin gasarka shi ne tsohuwar al'adar jira sai firji ya tsaya sannan a kira mai gyara. Da wannan ne mai kaya zai auna ka, kuma shi ne ya kai mu ga hanya ta uku, wadda a ganina ta fi cancantar ka ɓata mata lokaci.

Lissafin amfani yana farawa ne da tambayar abin da mai kaya zai yi idan babu kai, da kuma nawa hakan ke ci masa. Ɗauki ɗan kasuwar da firjinsa ke tsayawa sau 3 a shekara, kowane karo kayan 150,000 su lalace, ya kuma biya 30,000 na gyaran gaggawa. Asararsa a shekara 540,000 ce. Idan dubawarka ta kowane wata, wato wanke kwandensa, duba gas, gwada robar ƙofa da lura da kwamfuresa, ta mayar da tsayawar sau ɗaya, ka cece masa 360,000 a shekara, wato 30,000 a wata. Wannan ita ce iyakar sama. Idan ka nemi 30,000 cif, babu abin da ya ƙaru da shi, kuma babu dalilin da zai sa ya bar abin da ya saba ya rungumi alkawarin da bai gwada ba. Dole ka bar masa wani kaso na ribar, kuma gwargwadon yadda yake shakkar alkawarinka, gwargwadon girman kason da zai nema. Tsakanin 20,000 da 30,000, farashin 25,000 zuwa 26,000 yana da hujjar da za ka iya karewa a gabansa da alƙalami.

Abin da wannan lissafi ke tonawa, wanda sauran biyun ba sa nunawa, shi ne cewa aiki ɗaya ba darajarsa ɗaya ba ga kowa. Wanda ke asarar kayan 400,000 a kowace tsayawa, amfaninka gare shi ya haura 71,000 a wata, kuma ba shi farashin 25,000 barin kuɗi ne ba gaira ba dalili. Irin wannan za ka iya tsara masa mataki na musamman mai tsada, wanda ya haɗa da alkawarin isowa cikin 'yan awanni idan matsala ta taso, muddin ka lissafa abin da cika alkawarin zai ci maka. Wanda kuwa kayan 50,000 kaɗai yake asara, amfaninka gare shi bai wuce kusan 13,300 a wata ba, ƙasa da abin da hidimarsa ke tsaya maka. Wannan ba naka ba ne a tsarin wata-wata, sai dai ka yi masa na duk bayan wata uku, kuma duk ragin da za ka yi don ka jawo shi daga aljihunka zai fito.

Ita ma wannan hanya tana da iyaka. Lambobinta a hannun mai kaya suke, sai ka zauna da mutane da dama ka tambaye su sau nawa firji ya tsaya musu bara da abin da suka rasa, kuma tambayar abin da ya riga ya faru ta fi amfani nesa ba kusa ba a kan tambayar nawa za su iya biya, domin amsar ta biyu ciniki ce. Sannan amfanin da mai kaya bai yarda da shi ba, ba zai biya kuɗinsa ba, komai ingancin lissafinka. Rigakafi kuwa yana da wuyar nunawa, tunda sakamakonsa shi ne matsalar da ba ta auku ba, shi ya sa rubuta rahoton abin da ka gano ka gyara a kowace ziyara yake cikin abin da ke riƙe farashinka. A ƙarshe, ranar da wani ya fara yin irin aikinka da inganci ɗaya a kan 22,000, iyakar sama ta sauko daga 30,000 zuwa 22,000, sai ƙarin abin da za ka iya tabbatar da cewa ka fi shi da shi.

Game da ragin farawa, ka yi hattara sosai. Rage kashi 10 daga 25,000 yana kama da ƙaramin abu, amma ya mayar da ribar kowane mai hulɗa daga 5,000 zuwa 2,500, ya kuma ɗaga yawan mutanen da kake buƙata don rufe kuɗin kashewa daga 20 zuwa 22. Idan za ka yi ragi don a gwada ka, ka rubuta cikakken farashi a takardar yarjejeniya, ka nuna ragin daban tare da watan da zai ƙare, domin farashin da mutum ya fara biya shi yake ɗauka na gaskiya, kuma ɗaga shi daga baya ya fi sauke shi wahala ƙwarai.

Bayan ka fara, kasuwa za ta nuna maka ko ka dace. Idan kusan duk wanda ka faɗa wa farashi ya amince nan take, ko kuwa awanninka sun cika amma ƙarshen wata babu abin da ya rage, farashin ya yi ƙasa, ko kuma kowace ziyara tana cin fiye da awa 4 da ka ƙiyasta, don haka ka riƙa rubuta ainihin lokacin da kake ɓatawa tun daga ranar farko. Idan kuma ana yawan ƙi, ka bincika wane ne ke ƙin kafin ka taɓa farashi. Ƙin masu ƙaramar asara ba ya nuna komai game da tsada, amma idan masu babbar asara ne ke ja da baya, mai yiwuwa ba su gamsu cewa za ka rage tsayawar ba, kuma maganin wannan shi ne gwajin wata uku da rahoto a rubuce kafin a yi maganar ragi.