Hoton littafin kuɗin wata ba shi ne lissafin ƙungiya ba

Tambaya: Ni ne sabon ma'ajin ƙungiyarmu ta masu sayar da hatsi a Kasuwar Dawanau. Mu sittin ne, kowa yana biyan naira 2,000 a wata. Sakatarenmu, wanda ɗan yayana ne, ya turo mini hoton littafin biyan kuɗi na Janairu zuwa Yuni ta WhatsApp. Ina so in mayar da shi jadawali a Excel don in san jimillar da muke da ita, saboda muna so mu sayi masara da kaka mu ajiye, kuɗin ya ninka. Yaya zan yi?

Amsa: Alhaji, zana jadawalin ba zai ci maka fiye da yammaci ɗaya ba, amma abin da ya tayar mini da hankali shi ne ka ɗauki hoton a matsayin lissafi, alhali hoto ne kawai na abin da mutum ɗaya ya rubuta, kuma mutumin ɗanka ne wanda kake jin nauyin tuhumarsa. Ban ce yaron ya ci kuɗi ba. Abin da nake faɗa shi ne, ranar da ka tsaya gaban taro ka karanta jimillar da ka kwafo daga wayarka, daga ranar kowane kuskure da ke cikin littafin ya zama naka, domin kai ne ma'aji.

Saboda haka ka fara da karɓo littafin kansa ka ajiye a gabanka. Shafi yana lanƙwasa kusa da ɗinki, kuma a hoton da aka ɗauka a karkace layuka suna zamewa, har kuɗin wani ya faɗa daidai da sunan na ƙasansa. WhatsApp kuma yana rage kyan hoto, sai 1 ya yi kama da 7, 3 ya yi kama da 8. Idan dole sai da hoto, a shimfiɗa littafin da rana, a ɗauki kowane shafi daga sama tsaf, a tabbatar sunayen watanni da jimillar ƙasan shafi sun fito. Manhajojin da ke karanta rubutu daga hoto sun fi iya rubutun na'ura, kuma da mutum sittin kawai, bugawa da hannu ya fi sauri a kan bin diddigin kurakuransu.

Tsarin jadawalin shi ne kamar haka. Ginshiƙin A lambar mamba, B suna, C lambar rumfa, D zuwa I watanni shida, J jimillar abin da ya biya, K abin da ake bin sa. Kada ka raina lambar mamba da ta rumfa, domin a ƙungiyar mutum sittin da wuya a rasa Musa biyu ko Sani uku, kuma sakatare yakan rubuta mutum da laƙabinsa a wannan shafi, ya rubuta shi da sunan yanka a wancan. Ga lissafi biyu a ƙasa, ka sa na farko a J2, na biyu a K2, ka ja su ƙasa har layi na 61:

```
=SUM(D2:I2)
=2000*6-J2
```

Wanda ya shigo ƙungiya a Afrilu, wata uku ake bin sa, sai ka mayar da 6 ɗin nan 3 a layinsa, in ba haka ba za ka ɗora masa bashin da bai ci ba.

Wajen bugawa ku zama ku biyu, ɗaya yana karantawa daga littafi yana riƙe da rula a ƙarƙashin layi, ɗaya yana bugawa, kuma mai karantawar ya kasance wani mamba dabam da sakatare. Ka buga 2000 zalla, ba tare da N ko k ba, domin Excel yana ɗaukar irin wannan a matsayin rubutu, sai SUM ya tsallake shi ba tare da ya yi maka gargaɗi ba. Alamarsa ita ce lambobi suna jinginuwa dama a cikin akwati, rubutu kuma hagu. Wannan zai ƙidaya maka akwatunan da ke ɗauke da abin da ba lamba ba:

```
=COUNTA(D2:I61)-COUNT(D2:I61)
```

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wuraren da littafin bai yi magana a fili ba. Za ka tarar da alamar maki a maimakon adadi, ko akwati fanko, ko lambar da aka soke aka rubuta wata a kanta, ko 6,000 a ƙarƙashin Maris wadda a zahiri ta wata uku ce. Kada ka yi ƙiyasi a ko ɗaya daga cikinsu. Inda aka tabbatar mutum bai biya ba, ka sa 0. Inda ba ka fahimta ba, ka sa alamar tambaya ka shafa wa akwatin launi, kuma kada ka cire ta sai mai sunan ya nuna rasit ko saƙon banki. Ƙidayar da na ba ka a sama za ta riƙa nuna maka yawan tambayoyin da suka rage, kuma aikin bai kammala ba sai ta koma sifili.

Daga nan sai babban aikin, wanda shi ne yawancin ma'ajiyai suke tsallakewa. Jimillar jadawali, a haɗa da abin da ke asusu kafin Janairu idan akwai, a cire kuɗin da aka kashe masu takardar shaida, dole ta yi daidai da abin da ke banki haɗe da abin da ke hannu. Na taɓa zama da wata ƙungiyar masu yadi da ke biyan kuɗin wata irin naku. Jadawalinsu ya nuna an tara naira 612,000, an kashe 150,000 a kan maigadi da gudummawar rasuwa, wato ya kamata a samu 462,000, amma da aka ƙirga sai aka samu 432,000. Ma'ajin ya riga ya karanta babbar jimillar a taro, shi ya sa giɓin 30,000 ya hau kansa, har wasu suka daina gaisawa da shi. Da muka koma littafin layi bayan layi, sai muka ga 18,000 kuskuren bugawa ne, an ƙara sifili ɗaya 2,000 ta zama 20,000. Sauran 12,000 kuwa kuɗin mutum shida ne da mai karɓa ya rubuta a littafi ya sa a aljihu da niyyar kaiwa, kuma mai karɓar ƙanin matar ma'ajin ne, abin da ya hana ma'ajin tambayarsa tun farko ke nan. Tun daga lokacin, duk akwatin da ya wuce adadin kuɗin wata nake fara dubawa kafin komai.

A naku lissafin, da kowa ya biya, naira 720,000 ya kamata ku tara a wata shida. Giɓin da ke tsakanin wannan da jimillar jadawali, ban da watannin da sababbin mambobi ba su riga sun shigo ba, shi ne bashin da ke kan mambobi, kuma kafin ka kira shi bashi, ka buga jadawalin a takarda ka kai taro, kowa ya duba layinsa ya sa hannu. Wanda ya ce ya biya amma ba a rubuta ba, a nan zai fito, kuma gara ya fito yanzu a gaban sakatare da shugaba. Daga Yuli kuma kada a karɓi ko naira ɗaya sai da rasit mai kwafi biyu, a shigar da biyan a jadawali a ranar, a ƙara shafi na biyu mai ranar biya da lambar rasit da sunan wanda ya karɓa.

Batun masara kuwa, Alhaji, ka ajiye shi tukuna. Kai da ke Dawanau ka fi ni sanin cewa akwai shekarar da ake ajiye hatsi farashi ya sauka, ga kuɗin sito ga ƙwari, kuma wannan kuɗi na mutum sittin ne da suka tara don ranar gobara da rashin lafiya. Idan lissafin banki da na jadawali sun haɗu, kowa kuma ya sa hannu a layinsa, sai ka kai maganar taro a yanke adadin da za a iya taɓawa, a rubuta shi a littafin zama.