Me ya sa gidan da na zana yake kamar zai faɗi baya a hoto?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai zanen gine-gine ne a Gusau. Na zana wani gida mai bene ɗaya, faɗinsa mita 14, tsayinsa mita 8, amma duk hoton fuskarsa da kwamfuta ta fitar sai na ga bangon ya tsuke ta sama kamar zai kwanta baya, kuma bai yi kama da hoton da mutum ya ɗauka ba. Da Blender nake aiki. Ina gyaran yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Laifin na kyamara ne, domin na tabbata ka ɗaga kanta sama don rufin ya shigo. Da zarar kyamara ta ɗaga kai ta daina kallon gaba sak, layukan da ke tsaye, wato kusurwoyin bango da ginshiƙai da gefen tagogi, sai su fara karkata suna neman haɗuwa a sama. Masu ɗaukar hoton gine-gine suna barin kyamara a daidaice, sai su zame gilashinta sama, kuma Blender ma yana ba da damar yin haka.

Fara da tsayi. Ka ajiye kyamara a mita 1.6 daga ƙasa, daidai idon mutumin da ke tsaye, sannan ka sa `Rotation X` a 90 da `Rotation Y` a 0. Akwai alamar da za ka duba: a fili mai baje, duk mutanen da ka jera a hoton, na kusa da na nesa, kawunansu za su zo kusan layi ɗaya, kuma layin zai ratsa ƙofa mai tsayin mita 2.1 wajen kashi uku cikin huɗu na tsayinta. Idan kana hango saman katanga, to kyamarar ta yi sama, shi ya sa gidan yake fitowa kamar ɗan samfurin da aka ɗora a tebur.

Sai gilashi. Ni a irin wannan gida nakan sa `Focal Length` a milimita 35, in bar `Sensor` a 36 yadda ya zo, in ja da baya mita 20. Ga lissafin, idan hoton na kwance ne mai awon uku bisa biyu. A wannan nisa, kyamara tana ɗaukar faɗin kusan mita 20.6 da tsayin mita 13.7 a daidai bangon. Rabin tsayin yana saman idonka, don haka iyakar abin da za ka gani shi ne mita 8.5 daga ƙasa. Ka ga rufin ya shigo da ƙyar, yana gogar bakin hoto, ƙasa kuwa ta cinye wuri mai yawa a banza. A nan ne hannu yake kai wa ga ɗaga kyamara, kuma a nan ya kamata ka daure.

Ka shiga saitin kyamara ka sa `Shift Y` a 0.15. Blender yana auna wannan lamba ne da gefen hoto mafi tsawo, saboda haka 0.15 daidai take da zame gilashi milimita 5.4, wanda a nisan mita 20 zai ɗaga hoton da kusan mita 3. Yanzu saman hoton ya kai mita 11.5, gidan ya sami sarari a kansa, farfajiya ta ragu, bangon kuma yana nan tsaye cak. Ka gwada kusurwar gidan da gefen hoton. Idan sun tafi tare ba su kusanci juna ba, aiki ya yi. Sai dai kada ka wuce 0.33, domin gilasan da ake wannan aiki da su a zahiri yawanci milimita 12 ne iyakar zamewarsu, kuma bayan nan saman gini yakan miƙe har ido ya ƙi yarda da shi.

Abin da zai ba ka wahala shi ne katanga, tun da da wuya ka ga gida irin wannan a Gusau ko Birnin Kebbi ba tare da katangar da ta fi mutum tsayi ba. Na sha ganin masu zane sun ɗaga kyamara mita 4 ko 5 don su tsallake ta, kuma a ganina nan ne hoton yake rasa gaskiyarsa. Gara ka buɗe ƙofar shiga ka tsaya tsallaken titi, ko ka shiga farfajiya ka sauko da `Focal Length` zuwa milimita 24. Idan ka zaɓi na biyu, ka sani cewa kusancin da ka yi zai kumbura abin da ke gabanka, musamman a gefe, don haka ka kawar da mota da tankin ruwa daga bakin hoton, ka kuma guji sauka ƙasa da 24 sai idan farfajiyar ta matse ka.