Injin bulo na tafiyar hawainiya, an ɗaure rilif bai canza ba

Tambaya: Malam, injin buga bulona mai haidirolik ya rage gudu, musamman da rana in mai ya yi zafi. Bakanike ya ƙara ɗaure bawul ɗin rilif, gudun bai dawo ba, yanzu moto na zafi, tiyo ɗaya ma ya fara tsiyaya. Ina tsoron kada famfon ya mutu. Me zan yi?

Amsa: Ka kashe injin, a mayar da rilif inda yake, kuma da geji za a mayar, ba da ka ba.

Wannan ɗaure rilif don neman gudu ya ishe ni, kusan kullum sai an kawo mini irinsa. Famfo mai yake turawa. Nauyin aikin da silinda ta ci karo da shi ne ke haifar da matsi, rilif kuma iyaka kawai yake sa wa matsin, in an kai ta ya buɗe mai ya koma tanki. Bawul ɗin liba shi ke zaɓar gefen da man zai shiga, sandar silinda ta fita ko ta koma.

Mu ɗauki silinda mai faɗin ciki milimita 80. Fuskar fistin ɗinta kusan 50 cm² ce, don haka a matsin bar 150 tana danna kusan tan 7 da rabi. Gudu kuwa daga yawan mai yake fitowa: famfo mai ba da lita 20 a minti zai tura sandar kusan santimita 6 da rabi a daƙiƙa. Ka ɗaure rilif zuwa bar 250, litar nan 20 ce dai ke shiga, gudun bai motsa ba. Abin da ya ƙaru wahalar moto ce, domin duk sa'ad da silinda ta kai ƙarshe aikin da yake ja ya tashi daga kilowat 5 zuwa sama da 8. Ga zafin da kake ji. Sai tiyo da sil su biyo baya, shi kuma mai sifanar ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Tunda sai mai ya yi zafi injin ke rage gudu, to man yana zurarewa ta ciki ne idan ya tsinke, ko a famfo da ya cinye ko ta sil ɗin fistin. A fitar da sanda har ƙarshe, a kashe injin, a sauke matsi, a kwance tiyon gefen sanda, sannan a kunna a sake tura liba gaba. In mai ya yi ta zuba daga bakin silindar inda aka kwance tiyon, sil ne. In bai zuba ba, a duba rariyar tsotso da famfon. A taɓa bututun da ke dawowa daga rilif ma. In ya fi sauran zafi, mai yiwuwa datti ya hana rilif ɗin rufewa.

Tiyon da ke tsiyaya kuwa, kada yaranka su laluba shi da hannu. Siririn man yana huda fata, kuma aikin tiyata ne nan take. A kara kwali a nemo wurin, a sauya tiyon.