Amsar da Yaya ya bayar kan sayar da takalma ta waya

"Yaya, wata 3 ke nan ina ɗora hotunan takalmana a Facebook da sitatus. Mutane suna tambayar kuɗi, ina faɗa sai su ɓace. Ko farashina ne ya yi tsada?"

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Na saurari saƙonka har sau biyu. Ba farashi ba ne, wallahi. Tsoronka suke ji.

Ka ga mu nan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, in baƙo ya zo daga Maraɗi ko Damagaram yana son takalmi dozin 10, ai ba shi kaɗai yake shigowa ba. Maimasaukinsa ne ko dillali zai riƙo hannunsa ya ce ga yaron Alhaji wane, ba ya ha'inci. Ya ga rumfarka, ya san maigidanka, in ka cuce shi ya san ƙofar da zai buga. To wanda ke Ibadan yana kallon hoto a waya, wa ya tsaya maka a wajensa? Babu. Kai za ka tsaya wa kanka.

Bari in ba ka labarin abin da ya same ni, har yau yana min ciwo. Wani bawan Allah daga Sabo ta Ibadan ya ga aikina, muka yi ciniki, takalmi ƙafa 24, fata zalla. Mun gama komai, ya ce in turo lambar asusu. A lokacin asusuna yana da matsala, sai na tura na ƙanin matata. Da ya sa lambar, sunan da ya fito daban da wanda ke shafina. Shi ke nan. Ko sallama bai yi min ba. Na kira, na kira, na yi rantsuwa a saƙon murya, ina! Kuma na riga na yanka fatar, ka ji inda abin ya fi ƙona min rai. Sati 2 ina jin haushinsa, ina cewa ai da ya tambaye ni. Daga baya na zauna na ce ni ma in ni ne, ba zan tura kuɗina ga sunan da ban sani ba.

Don haka ka fara daga nan. Sunan da ke shafinka, da wanda ke WhatsApp Business ɗinka, da wanda zai fito in an sa lambar asusunka, su zama abu ɗaya. In da hali ka yi rajistar sunan sana'arka da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ka kai takardar banki su buɗe maka asusu da sunan. In babu hali tukuna, ka sa sunanka na gaskiya a shafin, ka bar wannan laƙabin da ka sa.

Sai hotunan. Na duba sitatus ɗinka, kusan rabi ba aikinka ba ne, daga shafin wasu ka kwaso. Ka daina. Mai saye ya taɓa ganinsu a wani wajen. Ka ɗauki bidiyo kana zaune a rumfa, a ga hannunka yana ɗinki, a ji hayaniyar kasuwa. Ka juya takalmin a ga ƙasansa, ka lanƙwasa shi a ga gam bai ɗaga ba. Kuma da rana za ka ɗauka, a inuwa, don fata ruwan ƙasa a ƙarƙashin ƙwan lantarki ja take fitowa, kaya su isa a ce ba kalar da aka zaɓa ba ce.

Maganar lambar takalmi kuwa, kar wani ya ce maka "42 nake sawa" ka kama yanka. 42 ɗin kanti da kalabinka, wato siffar ƙafar da kake haɗa takalmi a kanta, ba lallai su zo ɗaya ba. Ya taka farar takarda, ya zana ƙafarsa, ya ɗora tef daga dunduniya zuwa babban yatsa, ya turo maka hoto.

Kuɗi, rabi kafin ka taɓa fata. A'a, tsaya, in gyara. In sabon mutum ne kuma kaya da yawa yake so, kar ka ce rabi tun farko, zai gudu. Ka ce ya sayi ƙafa 1 ko 2 ya gwada. Sun isa, ya gani, shi da kansa zai dawo da maganar dozin. Kuma hoton rasit ba kuɗi ba ne. Ka buɗe asusunka ka ga sun zauna kafin kaya su bar hannunka.

Ranar da za ka kai tasha, ka ɗauki kwalin a bidiyo da sunansa a jiki, ka tura masa lambar direba da ta mota. Ku yi maganar wanda zai biya kuɗin mota tun wajen ciniki, don a nan rigima take... to, wannan sai mun haɗu, ga mai kawo min fata ya iso. Ka turo min sunan da ke fitowa a asusunka yanzu in gani.